Man Da Taya Ke Sha A Hanyar Jibiya



Mu da muke zaune a Farfaru da sauran garuruwan bakin iyakar Jibiya, kusan komai namu a kan taya yake tafiya. Hatsin da za a kai kasuwa, mara lafiyar da za a kai asibiti Katsina, ɗan uwan da zai je biki Ɗan Isa ko Maraɗi, duk sai mota. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, hirarmu ta koma ta lita. Idan mota ta fara shan mai, sai mu ɗora laifin a kan inji, ko fulogi, ko mai sayar da man bumburutu. Da wuya ka ji wani ya ambaci taya, alhali a cikin kowace lita biyar zuwa bakwai da ƙaramar mota ke ƙonawa, kusan guda tana tafiya ne wajen murza tayoyin nan huɗu.

Duk wanda ya taɓa tura kurar ga-ruwa ya san abin da muke nufi. Jarkokin ba su ƙaru ba, hanyar ita ce dai ta jiya, amma ranar da iskar taya ta ragu sai ka ji kamar wani ya riƙe kurar ta baya. Wannan riƙewa ita za mu kira turjiyar taya. Dalilinta shi ne, taya ba ta zama da'ira sosai idan aka ɗora mata nauyi. Gefen da ya taɓa ƙasa yana lotsawa, da ya wuce sai ya miƙe, na bayansa ya lotsa. A gudun kilomita 80 a awa, kowane gefe na tayar ƙaramar mota yana yin wannan lotsawa da miƙewa sama da sau goma a daƙiƙa guda. Ita kuwa roba ba ta mayar da duk ƙarfin da aka sa aka matse ta. Wani ɓangare yana zama zafi, shi ne ɗumin da muke ji idan muka dafa taya bayan doguwar tafiya. Wannan ɗumi daga tanki ya fito, kuma da kuɗi aka saye shi.

A kan kwalta mai kyau, turjiyar tayoyi kusan kashi ɗaya ce cikin ɗari na nauyin mota. Idan Golf ɗin haya ta cika da fasinja da buhuna ta kai kilo 1,800, to kamar an ɗaura mata igiya ce ana janye ta baya da nauyin kilo 18, tun daga tasha har inda za ta. Ƙara lodi yana ƙara wannan ja. Rage iska ma yana ƙara shi, domin tayar za ta fi lotsawa.

A nan ne muke da wata al'ada da ke ci mana kuɗi ba tare da mun lura ba. Idan zafin Afrilu ya kankama, rana ta haura maki 40, sai ka ga direba ya tsaya wajen mai faci da tsakar rana yana cewa, "Oga, rage mini iska, kada ta fashe a hanya." Tsoron gaskiya ne, kowa ya san ɓarnar da fashewar taya ke yi. Amma maganin ya juye. Iskar cikin taya tana kumbura idan ta yi zafi, kusan psi ɗaya a kowane ƙarin maki biyar zuwa shida, kuma tafiya kaɗai kan ƙara mata psi huɗu ko biyar. Waɗanda suka ƙera motar sun san da wannan ƙarin, sun sa shi a lissafi. Lambar da suka rubuta ta taya mai sanyi ce, wato wadda ta kwana a tsaye ko ta huta kamar awa uku. Wanda ya sace iska da rana ya mayar da tayarsa mai ƙarancin iska, ta ƙara lotsawa, ta ƙara zafi, har zaren cikinta ya fara rabuwa da roba. Zafin da ake gudu, shi aka ƙara mata.

Bari mu bi mota ɗaya mu ga yadda abin yake. Ita wannan lamba tana jikin wata 'yar takarda a ginshiƙin ƙofar direba, a motocin Volkswagen da yawa kuma tana bayan murfin tankin mai. Layi biyu ne a kanta, ɗaya na mutum biyu ko uku, ɗaya na cikakken lodi, wanda ya fi yawa musamman a tayoyin baya. Motocin da suka fito daga Turai da bar suke rubutawa, gejin masu facinmu kuwa yawanci psi muke karantawa a kansa, kuma bar ɗaya daidai yake da psi 14.5. A ce takardar ta nuna bar 2.5 ga cikakken lodi, wato psi 36. Direbanmu bai taɓa duba ta ba, shi dai ya saba da talatin. Da azahar ya dawo daga Katsina, taya na zafi, aka daidaita masa a kan 30. Kafin asuba ta huce ta koma 25. Taya lafiyayya ma tana zubar da psi ɗaya zuwa biyu a wata, don haka bayan 'yan makonni tana kan 24. Tsakanin abin da motar ke buƙata da abin da take da shi, an sami giɓin psi 12, kuma ido ba zai nuna masa ba, domin tayar zamani ko da isasshiyar iska tana da ɗan tumbi a ƙasa.

Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa duk psi ɗaya da ya ragu a tayoyin mota yana ƙara shan mai da kusan kashi 0.2 cikin ɗari. Giɓin 12 ya zama kashi 2.4 ke nan. Daga Jibiya zuwa Katsina kimanin kilomita 45 ne. Mu ɗauka direban yana sawu uku a rana, zuwa da dawowa, kilomita 270, motar kuma tana shan lita 10 a kowane kilomita 100. Lita 27 ke nan a rana, kuma wajen kashi biyu cikin uku na lita guda yana tafiya a banza. A kwana 26 na aiki ya kai lita 17, a shekara ya haura lita 200. Idan muka sa lita a kan naira dubu don sauƙin lissafi, naira 17,000 ce a wata. Ga mai biyan balas kullum, wannan kuɗin cefane ne na kwanaki, kuma ba mu sa tayar da za ta cinye da wuri a lissafin ba.

Kada kuma a ji haka a ce to a dura hamsin a huta. Ribar ƙarin iska tana raguwa da zarar an wuce lambar da ke takarda, hasarar kuwa tana ƙaruwa. Tayar da ta yi tauri da yawa ba ta kama ƙasa sosai, birki yana tsawo, kuma duk ramin da aka faɗa kai tsaye yake dukan taya da ƙafar mota. Babbar lambar da ke rubuce a gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ce ma'aunin motarka ba. Tayar da kanta tana faɗin gaskiya. Idan gefe biyu suka riga tsakiya cinyewa, ta daɗe cikin ƙarancin iska. Idan tsakiya ce ta suɗe, iska ta yi yawa. Idan kuwa gefe ɗaya ne kawai, matsalar saitin ƙafa ce, ita ma tana shan mai domin ana jan tayar a karkace.

Wuri ɗaya ne rage iska ke da amfani, wato cikin yashi. Wanda ya sauka daga kwalta zai shiga ƙauye ta rairayi, idan ya rage iska tayar tana ƙara faɗin zama, ba ta nutsewa. Sharaɗin shi ne ya tafi a hankali, kuma da ya hau kwalta ya mayar da iskarsa a wajen mai facin farko.

Sai maganar irin tayar. Tun da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a Najeriya a wajejen 2007 da 2008, tayoyinmu daga waje suke zuwa, kuma da yawanmu gwanjo muke iya saye. A cikin gwanjon Turai akwai tayoyin hunturu, waɗanda aka yi don ƙanƙara. Ana gane su da hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a cikinsa, da kuma ƙananan tsage-tsage birjik a kan zanensu. Robarsu mai laushi ce don ƙasa mai sanyi, a kwaltarmu sai ta riƙa ɗaukar zafi tana cinyewa da sauri. Haka ma taya mai manyan haƙora ta shiga daji, ko mai faɗi fiye da wadda aka yi motar da ita. Suna da kyan gani, amma yawanci sun fi turjiya. Binciken da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a 2006 ya nuna rage turjiya da kashi 10 cikin ɗari yana rage shan mai da kashi ɗaya zuwa biyu. Tsakanin taya mai sauƙin murzawa da mai nauyi ana iya samun bambancin kashi 30, wanda a lissafin direbanmu ya kai kusan lita guda a rana. Tayar da aka saya da arha tana iya karɓe rangwamen a gidan mai kafin wata shida. Sabuwar taya mai takardar Tarayyar Turai tana zuwa da hoton famfon mai da harafi daga A zuwa E, kuma A ce mafi ƙarancin shan mai.

Akwai wani abu da kan ruɗi mutane. Tayar da ta suɗe ta fi sabuwa sauƙin murzawa, saboda robar da za ta lotsa ta ragu. Shi ya sa wani zai sa sababbin tayoyi ya ga mai ya ɗan ƙaru, ya ce an cuce shi. Ba cuta ba ce, kuma ba dalilin riƙe suɗaɗɗiyar taya ba ne, domin ruwan farko na damina zai nuna ba ta da abin kama hanya. Kafin a biya kuɗin gwanjo, a duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT. Idan an ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019.

Abin da ya rage mana ɗan kaɗan ne. Mu nemi takardar nan mu karanta layin cikakken lodi, mu mallaki ƙaramin geji namu tunda na bakin hanya kan saɓa wa juna, mu auna da sassafe sau ɗaya a mako kafin ɗaukar fasinjan farko, har da sifiya. Farashin lita a Abuja da Legas ake yanke shi, babu mai tambayarmu. Iskar taya kuwa tana hannun direba da mai facin ƙofar tasha.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya. Sai mun ji gyaranku, musamman masu sana'ar tuƙi a cikinmu.