Kafin a buga ƙuri'ar gado, a auna na'urar tukuna

'Yan'uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, musamman waɗanda ke riƙe da muƙami a ƙungiyoyinmu.

Kusan duk abin da muke rabawa yanzu ƙuri'a ake bugawa: gadon kwana, kujerar motar tafiya gida Sallah, tallafin kuɗin makaranta. Da hula muke yi da 'yan takardu, yanzu kuwa an koma manhaja mai fitar da lamba ba tare da tsari ba, wadda 'yan kwamfuta ke kira janareta. Ba na wuta ba, na lambobi. Da zarar an ce "kwamfuta ce ta zaɓa" sai kowa ya yi shiru. To ni abin da nake so in faɗa shi ne, kwamfuta ma tana iya son kai ba tare da wanda ya rubuta manhajar ya sani ba, kuma akwai hanyar ganewa wadda ba ta wuce ƙirge da ɗan lissafi ba.

A nan Ibadan wani bawan Allah ya ɗauki nauyin gado 20 a wani gida kusa da makaranta, mu kuma masu nema mu 100 ne cif. Duk wanda ya san kuɗin haya a wajen makaranta ya san wannan ba wasa ba ne. An jera sunayenmu bisa haruffa, an ba kowa lamba daga 0 zuwa 99, wani ɗan'uwa ya rubuta ɗan abin da zai riƙa fitar da lamba. Sai ƙananan maganganu suka tashi cewa a rabon baya su Abdullahi da A'isha da Aminu ne suka cika jerin, su Usman da Yusuf da Zainab sai ɗaiɗai. Wasu suka ce hassada ce kawai, wasu suka ce an yi cuwa-cuwa. Da yake lissafin ƙididdiga nake karanta, sai na roƙi a ba ni layin da ke fitar da lambar in gwada kafin ranar ƙuri'a.

Ga yadda gwajin yake. Ba a hukunta janareta da bugu ɗaya, dole a sa shi ya yi ta fitar da lamba sau da yawa ana ƙirgawa. Na raba lambobin ɗari gida biyar, kowane gida lamba 20: na farko 0 zuwa 19, na biyu 20 zuwa 39, haka har 80 zuwa 99. Na sa ya buga sau 1000.

```python
import os
kirga = [0] * 5
for _ in range(1000):
    n = os.urandom(1)[0] % 100
    kirga[n // 20] += 1
print(kirga)
```

In babu son kai, kowane gida ya kamata ya samu kusan 200. Abin da ya fito shi ne 241, 228, 215, 162, 154.

Da ido ma mutum zai ce akwai matsala. Amma ido ba hujja ba ne, domin ko janareta mai gaskiya ba zai ba ka 200 daidai a kowane gida ba. Jefa kwabo sau goma ka gani, ba kullum ake samun biyar da biyar ba. Saboda haka tambayar ita ce: wannan ratar da muka gani, irin wadda sa'a kaɗai ke kawowa ce, ko ta wuce nan? Wannan tambayar ce gwajin kai-sukwaya ke amsawa, wanda Karl Pearson ya fito da shi a 1900.

χ² = Σ (O − E)² / E

O shi ne abin da ka ƙirga, E kuma abin da ya kamata a samu. A kowane gida ka cire E daga O, ka ninka ratar da kanta, ka raba da E, sannan ka haɗa na duk gidajen. Ana ninka ratar da kanta ne don kada wanda ya yi sama da wanda ya yi ƙasa su cinye juna. Ana rabawa da E kuma saboda ratar 40 a kan 200 babba ce, amma a kan 20,000 ba komai ba ce.

Namu ratar ita ce 41, 28, 15 a sama, sai 38 da 46 a ƙasa. In aka ninka kowace da kanta za a samu 1681, 784, 225, 1444, 2116. Jimla 6250. Tunda E ɗin duka 200 ne, sai a raba gaba ɗaya: 31.25.

Sai a ɗauki wannan lamba a tafi tebur ɗin da ke bayan littafin ƙididdiga. Layin da za ka duba shi ne wanda aka rubuta df, kuma yawan gidajenka ne a cire ɗaya. Dalili kuwa, in ka san jimla 1000 ce kuma ka san gida huɗu, na biyar ba shi da zaɓi. Namu 4 ke nan. A layin 4, ƙarƙashin 0.05, za ka ga 9.49. Ma'anarsa, janareta mai gaskiya sau ɗaya cikin ashirin ne kawai zai haura 9.49. Namu ya ba da 31.25. Mai laftof zai iya rubuta `=CHISQ.DIST.RT(31.25,4)` a Excel, zai ga kusan 0.000003, wato kamar sau uku cikin miliyan sa'a za ta iya kawo irin wannan rata. Su Zainab ba hassada suke yi ba.

To ina matsalar take? Gwajin ba ya faɗa maka dalili, ƙararrawa ce kawai, sai ka koma ka duba da kanka. Tana cikin `% 100` ɗin nan. Layin yana ɗauko lamba daga 0 zuwa 255, guda 256 ke nan, ya raba da 100 ya ba ka ragowar. Lamba 7 tana fitowa daga 7, da 107, da 207, hanya uku. Lamba 70 kuwa daga 70 da 170 kawai, domin 270 ta wuce iyaka. Haka duk lambobin 0 zuwa 55 ke da hanya uku, 56 zuwa 99 kuma biyu. In da hula ce, kamar a ce mutum 56 na farko an jefa musu takarda uku-uku, sauran 44 kuma bibbiyu. Ɗan'uwan bai yi nufin cutar kowa ba, shi kansa sunansa yana can ƙasan jerin.

Gyaran ɗan kaɗan ne. Aka sa `import secrets` a sama, aka maye layin da `n = secrets.randbelow(100)`, wanda in ya ɗauko lambar da ta wuce iyaka yakan yar ya sake ɗauka, ba ya naɗe ta ta dawo kan na farko. Muka sake bugawa sau 1000: 207, 191, 203, 188, 211. Ratar da aka ninka ta ba da 49, 81, 9, 144, 121, jimla 404, a raba da 200 a samu 2.02. Wannan yana ƙasa da 9.49 nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda nake so mu yi hattara, don gwajin yana da iyakarsa.

Na farko, yawan bugu. Tun kafin in karɓa, wani ya riga ya gwada tsohon layin sau 100, ya samu 25, 21, 22, 17, 15, lissafinsa ya ba da 3.2, ya ce lafiya lau. Lissafinsa daidai ne, bugun ne ya yi kaɗan. Son kan yana nan, amma a bugu 100 ratar da yake kawowa ba ta wuce uku ko huɗu ba a kowane gida, sai ta ɓuya cikin hawa da saukan sa'a. Ƙa'idar da aka koya mana cewa E ya kai aƙalla 5 a kowane gida sharaɗin amfani da tebur ne kawai, ba ta nufin bugun ya isa a kama ɓarawo. Kwamfuta ba ta gajiya, a ba ta dubu goma ma.

Na biyu, yadda ka raba gidajen. Da a ce na raba bisa lambar ƙarshe, masu ƙarewa da 0 gida ɗaya, masu ƙarewa da 1 gida ɗaya, da kowane gida ya haɗa masu takarda uku da masu biyu. Bambancin sai ya koma 26 da 25 cikin 256, bugu dubu ba zai nuna shi ba. Ka raba gidajen daidai da abin da ake zargi. Mu zarginmu saman jeri da ƙasansa ne, shi ya sa na yanka haka. In kuma kana da halin bugu da yawa, ka ba kowace lamba gidanta: gida 100, bugu 100,000, df ya zama 99.

Na uku, kyau in ya yi yawa shi ma abin tuhuma ne. In wani ya kawo maka 200, 200, 200, 200, 200, kada ka tafa masa. Manhajar da ke ƙirga 0, 1, 2, 3 har 99 ta sake dawowa za ta ba da haka, alhali kowa ya san lambar da ke tafe. Da gida biyar, janareta mai gaskiya sau ɗaya cikin ɗari ne yake ba da ƙasa da 0.30. Ƙirgen yawan fitowa yana auna ko kowa ya samu rabonsa ne, ba ya duba wa ke bin wa. Don wannan sai ka ƙirga lambobin bibbiyu, gidan da ya fito da wanda ya biyo shi, su zama gida 25, ka yi lissafi iri ɗaya.

Sannan a tuna da sau ɗaya cikin ashirin ɗin nan. In janareta ya ba da 10 ko 11, kada a ce a kamo wanda ya rubuta, a sake bugawa da yawan da ya fi na farko. Son kai na gaske yana ƙara girma in an ƙara bugu, na sa'a kuwa ba ya maimaituwa. Amma a tsayar da yawan bugu da yadda za a raba gidaje tun kafin a fara, don wanda ya yi ta maimaita gwaji har sai ya samu amsar da yake so, zai same ta.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyoyinmu: duk ranar da za a buga ƙuri'a da manhaja, a fara haska layin a bango kowa ya gani, a buga gwajin a gaban jama'a, a rubuta ƙirgen a allo, wani daga cikin masu neman gadon ya yi lissafin da kansa. Minti goma ya isa. Wanda bai samu ba zai tafi yana cewa ba rabonsa ba ne, kuma wannan karon maganar gaskiya ce.

Wanda ƙungiyarsu ke da irin wannan manhaja, ya gwada ya turo mana lambobin da ya samu mu duba tare. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya mai da mu gida lafiya.