Da Malam ya ce "ku ɗaga murya", me yake nufi?



Mu da ke zaune wajejen Ƙofar Dukawuya ba ma iya zuwa majami'a a Sabon Gari kowace yamma, kuɗin adaidaita sahu ba zai bar mu ba. Don haka ranar Alhamis muke haɗuwa a falon wani ɗan'uwa mu bi waƙoƙin Lahadi, mu tashi kafin magariba. A wannan falon muka gane cewa mun daɗe muna cutar sababbin mawaƙa da magana guda, wato "ku ɗaga murya". Wani ya ji ta ya ƙara ƙarfi, wata ta haura sama, mai ganga kuma ya ƙara sauri. Kowa ya yi biyayya, waƙa ta watse. Bara wani ƙanenmu da muryarsa ta fara kauri ya yi mako uku bai zo ba, domin mun yi ta ce masa ya ɗaga, shi kuwa yana ta ƙoƙarin kamo muryar 'yan mata har maƙogwaronsa ya dushe. Laifin namu ne, ba mu gaya masa wane ɗagawa muke nufi ba.

Ku tuna da mai kalangu. Yana iya yawaita bugu, yana iya buga da ƙarfi, yana kuma iya matse tsarkiya a hammata sautin ya haura ba tare da ya ƙara ƙarfin hannu ba. Abu uku ne dabam, kuma kalmomin da za ku riƙa ji a bakin Malam, tempo da kireshendo da oktab, kowace tana zaune a gefen ɗaya daga cikinsu.

Tempo kalmar Italiyanci ce, ma'anarta lokaci. A waƙa tana nufin saurin bugun da muke takawa a kai, ana kuma ƙirga shi da yawan bugu a minti ɗaya. Bugu 60 daidai yake da tafiyar daƙiƙa a agogo. Ba sai da na'ura za ku auna ba. Ku buɗe agogon waya, ku ƙirga tafi na daƙiƙa 15, ku ninka sau huɗu. In kun sami 18, tempo 72 ke nan.

Mun gwada wannan a kan wata waƙa daga Littafin Waƙoƙi wadda kowane baitinta ke da gaɓa 16, kowace gaɓa bugu huɗu, jimla bugu 64. Malam ya ba mu 72, wato baiti ɗaya ya kamata ya ci kusan daƙiƙa 53. Muka ɗauki muryarmu a waya muka saurara. Baiti na farko ya zauna daidai. Na huɗu kuwa a daƙiƙa 44 muka gama shi, mun kai wajen 88 ba wanda ya ce mu yi sauri, ba kuma wanda ya lura. Alamar tana nan tun muna rerawa, mu ne ba mu san ta ba: ƙarshen kalmomi ya fara ɓacewa, wurin jan numfashi tsakanin layi da layi ya ƙuntata. A majami'a kuwa za ku ga iyayenmu na kujerun baya sun rufe littafi, domin mun tsere musu. Mu aka sa mu ja jama'a, in mun bar su a baya to mu kaɗai muka yi waƙar.

Da muka sake sauraro, sai muka ji inda saurin ke shigowa. Daidai wurin da aka ce mu ƙara ƙarfi ne.

Wannan ƙara ƙarfin shi ne kireshendo. Ita ma daga Italiyanci take, daga kalmar da ke nufin girma. A takarda za ku ga alamarta kamar baki mai buɗewa, <, an ja ta a kan gaɓoɓin da ake so sauti ya yi ta girma kaɗan-kaɗan. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne da ya hango alamar sai ya saki murya duka nan take. To in ka zuba duk ƙarfinka a gaɓar farko, da me za ka girma a ta huɗu? Sai ihu, ihu kuma yakan ja sauti ya kauce daga inda yake. Inda alamar ta soma, nan ne wuri mafi taushi.

Abin dariya, maƙwabta ne suka koya mana wannan ba su sani ba. Gidajen unguwa a manne suke, ba ma son mu dami kowa, don haka a falon nan ƙasa-ƙasa muke waƙa. Da yake daga ƙasa muke farawa, sai muka sami wurin girma. Yanzu ga yadda muke yi: mu riƙe sauti ɗaya a kan "a" har bugu takwas, bugun farko kamar kana yi wa na kusa da kai magana, na takwas kamar kana kiran wani a ƙofar gida. Mutum ɗaya yana tafi a 72, ba ya waƙa, aikinsa kawai kada tafin ya motsa. Ƙarin ƙarfin daga iskar ciki yake fitowa. In ka ji wuyanka ya ɗaure ko haɓarka ta ɗaga sama, da maƙogwaro kake turawa, ka koma baya. A hunturun nan ma, da ƙura ta riga ta busar da maƙogwaro, ba a wasa da wannan.

Saura oktab, wadda ta kusa raba mu da ƙanen nan namu. Asalinta kalmar Latin ce ta takwas. Ku rera do, re, mi, fa, so, la, ti, ku sake faɗin do. Wannan do na takwas shi ne na farkon, sai dai a sama yake. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce oktab. Dalilin da ya sa kunne ke jin su kamar abu ɗaya shi ne na sama yana kaɗawa ninki biyu na na ƙasa. Sautin A da ake daidaita kayan kiɗa da shi yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, A na ƙasa da shi kuma sau 220. Mai jita zai nuna muku: ya kaɗa tsirkiya a sake, sannan ya danne ta daidai tsakiyar tsawonta ya sake kaɗawa, sautin farko ne zai dawo a sama.

Ga inda wannan ya shafe ku. Duk Lahadi da maza da mata ke rera waƙa ɗaya tare, ba a wuri ɗaya muryoyinsu suke ba, yawanci maza suna oktab ɗaya ƙasa da mata, kuma ba wanda ya yi kuskure. Ƙanenmu ya saba da muryar yarinta, wadda ke zama tare da ta mata. Da ta sauka, ya ɗauka ya rasa waƙa ne. Ranar da ya dawo, Malam ya danna do na tsakiyar kibod ya sa wata 'yar'uwa ta riƙe, ya ƙirga fararen maɓallai takwas zuwa hagu har da na farkon, ya danna, ya ce, "Ƙanena, naka ke nan." Ya kama shi ba wahala. Suka rera baitin tare, ita a sama, shi a ƙasa, kalmomi ɗaya, karin waƙa ɗaya.

Akwai iyaka dai. Sauka oktab yana aiki ne in kowa na bin karin waƙa guda. In an raba murya huɗu, ba ka da izinin sauke layinka don ya yi maka tsawo, domin za ka faɗa cikin layin wasu ka dagula musu. Ka gaya wa Malam, wataƙila wurinka ne ya kamata a sauya. Shi ƙanen namu yanzu yana zaune da masu bes.

Mun yi shawara a tsakaninmu mun daina cewa "ku ɗaga murya". In muka manta muka faɗa, ku tsayar da mu ku tambaya: sauri, ƙarfi, ko sama? Alhamis mai zuwa ƙarfe huɗu ne. Ku zo da fensir da ruwan sha, wanda wayarsa ke da caji kuma shi zai riƙe mana agogo.