Wanda Ya Fassara Da Kansa, Ya Faɗa

Sau da yawa mukan karanta a jarida an rubuta, "Malam wane ya ce," sa'an nan a kawo magana da Hausa tsantsa, alhali kuwa malamin da Larabci ya yi littafinsa. Ashe akwai mutum na biyu da ya shiga tsakani, shi ne mai fassara, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya san ko wane ne.

Bari mu ɗauki misali daga Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. A babin Sallar Idi ya kira ta sunna, kuma ya siffanta sunnar da kalmar "wajiba". Wanda ya bi lafazi zai rubuta "sunna ta wajibi", sai Bahaushe ya ɗauka farilla ce, wanda ya bar ta ya yi zunubi. Amma masu sharhi, kamar mai Samaruddani, sun bayyana cewa ƙarfafawa ake nufi. To, idan muka rubuta "sunna mai ƙarfi" mun dace da ma'ana, sai dai mun sa wa Shehin maganar masu sharhi a baki. Ko wanne muka zaɓa, zaɓin namu ne, ba nasa ba.

Abin da muke yi shi ne, mu ambaci littafin da babin, domin lambar shafi takan saɓa daga bugu zuwa bugu. Sa'an nan mu kawo fassarar, mu rubuta a ƙarshenta cikin baka biyu: fassarar tamu ce. Kalmar da ake iya saɓani a kanta, irin "wajiba", mukan bar ta da Larabcinta, mu sa bayaninmu a cikin baka, don a rarrabe maganar mawallafi da ƙarinmu. Idan nassoshin suna da yawa, ya isa a faɗa sau ɗaya tun farko cewa duk fassarar da ba a ambaci mai ita ba, ta marubucin ce. In kuwa daga wani muka ɗauko, sai mu ambace shi. In mun taɓa ko da kalma ɗaya, mu ce mun yi gyara.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin hadisi. Magabata idan suka ruwaito da ma'ana, sukan biyo da cewa "ko kamar yadda ya faɗa", alhali ba su ma fita daga Larabci ba. Ina ga wanda ya ƙetara zuwa wani harshe?

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne mai fassarowa daga Turanci, ya jingina wa asalin Larabcin da bai taɓa buɗewa ba. Akan gane shi da sunayen mutane da na garuruwa, domin sukan zo da lafazin Turawa, ka ga Kairo a wurin Alƙahira. Irin wannan sai ya rubuta cewa daga fassarar Turanci ya juyo, ya kuma ambaci mai ita.