Ranar da na ce masa "yaronmu"

Shekara takwas na yi ina fiton kaya a Soba, kudu maso gabashin Khartum, inda a lokacin ake sauke kwantenonin da suka taso daga Port Sudan domin a biya musu kwastan. Yawancin masu hulɗa da ni 'yan kasuwar Suk Libya ne a Omdurman, ciki har da Alhaji, wani dattijo Bahaushe, jikan mutanen da suka taso da niyyar Makka suka yada zango a Sudan. Yadi yake shigowa da shi. Ba ya karanta takardar kwastan, mutum yake karantawa.

A 2022 aka ce in koma ofishinmu na Port Sudan, aka ɗauko wani matashi ya gaje ni. Na kai shi shagon Alhaji. Aka gaisa, aka tambayi iyali, mai shayi ta aiko da jabana da ƙananan kofuna. Da lokacin gabatarwa ya yi, sai na nuna shi da haɓa na ce: "Alhaji, wannan yaronmu ne, zai riƙa taimaka mana."

Ba suɓutar baki ba ce. Kishi ne. Ban so Alhaji ya san akwai wanda zai iya abin da nake yi. Alhali matashin ya shekara uku yana wannan aiki a wani wuri, kuma ya fi ni sanin lissafin haraji.

Da ina da ido, a wurin zan gane ɓarnar. Matashin ya yi tambaya a kan kwantenar da ke hanya, Alhaji ya ba da amsa yana kallona ni. Da ya ɗauko ambulan ɗin takardu, ya tsallake hannun da ke kusa da shi ya miƙo mini. Lambar wayar matashin ma bai nema ba. Ni kuwa har wani daɗi na ji.

Bayan mako biyu kwantenar ta iso Soba. Ba a taɓa kaya sai da asalin takardar jirgi, wadda 'yan Sudan ke ce wa bolisa, ita kuwa tana cikin akwatin ƙarfen Alhaji, kwafi kawai ya ba ni. Matashin ya kira shi sau uku. Amsa ɗaya ce: "To ɗana, bari maigidanka ya kira ni." Wa zai damƙa wa ɗan aike takardar da ke a matsayin kayan kansu? Ni ina can bakin teku ina fama da sabon aiki, na ɗauka komai na tafiya. Kwanakin ajiya na kyauta suka ƙare, kuɗin ardiyya ya fara hawa kullum. Kwana tara aka biya a banza, kuma Alhaji matashin ya ɗora wa laifi.

Dole na hau mota na dawo. Wannan karon tun da dare na kira Alhaji na faɗa masa dalilin zuwana, don kada ya ji canji bagatatan a gaban mutane. Na kuma zauna da matashin muka raba magana: abin da zan faɗa, da inda zan yi shiru.

A shagon, ban bar shi ya raɓe a bakin ƙofa ba, na ba shi kujerar da na saba zama. Na faɗi cikakken sunansa da garinsu, domin dattijo irin Alhaji sai ya san asalin mutum hankalinsa ke kwanciya. Sannan na ce: "Alhaji, laifin ardiyyar nan nawa ne. Wannan ba ɗan aike ba ne, shi ne mai fiton kayanka. Bolisa, kimar kwastan, ranar fitar kaya, duk maganarsa ce ta ƙarshe. Ragin lada da bashi ne kawai sai an koma ga mai kamfani. Ni ina Port Sudan, kayanka ta hannuna suke bi kafin su iso gare shi."

Ban ce "kada ka damu" ba. Ɗan kasuwa na jin haka yake fara damuwa. Sai na ja bakina, matashin ya karanto lambar kwantena ta gaba da ka, ya faɗi ranar da ake sa ran jirgin, da takardu biyu da yake so kafin Alhamis.

Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Haka ne?"

Nan ne wurin ya fi mini wuya, don amsar tana bakina. Na ce, "Ranka ya daɗe, shi za ka tambaya."

Ya yi shiru jim kaɗan, ya ciro mabuɗi daga aljihun jallabiyarsa, ya buɗe akwatin. Ya ce wa matashin, "Ɗana, sa mini lambarka a wayar nan, ka rubuta sunan da manyan baƙi, idon ya yi rauni."