Na kashe data, amma tallar ta fita muna maƙabarta

Ina da ɗan shagon shadda da yadi a bakin titin unguwarmu, kuma kusan rabin kwastomomina ta waya suke fara ganin kaya kafin su zo. Abin da zan ba ku labari ya same ni ne saboda wani abu guda ɗaya da ban fahimta ba game da tsara fostin, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Al'adata ita ce duk daren Lahadi in zauna in shirya fostin na sati guda a Meta Business Suite. In ɗora hoto ko bidiyo, in rubuta bayani, maimakon in danna Publish sai in zaɓi Schedule, in sa rana da lokaci. Guda bakwai, kowanne ƙarfe 10 na safe. Gaskiya abin ya sauƙaƙa mini, domin da safe ina fama da buɗe shago da jera kaya.

A wancan satin, na ranar Alhamis shi ne babba. Bidiyo ne mai kiɗa, yaron shagona yana warware shadda yana dariya, a sama na rubuta: "Yau ranar murna ce a unguwarmu! Ku garzayo, ragin kashi 20 a kan duk shadda." Na jera masa 'yan alamomin dariya da na wuta.

Daren Laraba sai ga mummunan labari. Motar samarin unguwarmu da suka je ɗaurin aure ta yi hatsari a hanyar dawowa, huɗu suka rasu. Ɗaya ɗan maƙwabcina ne, gidansu na kallon shagona, a gabana ya girma. Aka sa jana'iza ƙarfe 10 na safiyar Alhamis.

Ba zan ce na manta da fostin ɗin gaba ɗaya ba. Bayan sallar asuba ya faɗo mini a rai, sai na ce ai da sauƙi, na kashe data, na kashe wayar ma duka na jefa a aljihu. A tunanina, tunda wayar ba ta kunne, babu ta inda zai fita.

Sai wajen sha biyu, muna dawowa daga maƙabarta, ƙanwata ta tare ni a ƙofar gida, idonta jawur. Ta ce, "Yaya, me ka sa haka a shafinka? Mutane sai magana suke." Ta miƙo mini wayarta. Wallahi sai da na ji ƙafata ta kasa ɗaukata. Bidiyon ya fita ƙarfe 10 daidai, lokacin da muke tsaye a sahu ana sallar gawa. A ƙasa wani ya rubuta, "Haba Alhaji, yau ɗin?" Wani ya ce neman kuɗi ya cire wa mutane tausayi. An riga an ɗauki hoton fostin ɗin ana turawa a guruf ɗin unguwa.

Ga abin da ban gane ba a lokacin. Idan ka danna Schedule, fostin ɗin ya riga ya bar wayarka. An ɗora shi can a kwamfutocin kamfanin, yana jiran lokaci kawai. Wayarka ta mutu, datarka ta ƙare, ko an sace wayar, duk ɗaya ne, agogonsu ne yake aiki. Kamar ka ba direba saƙo a tasha ne ka ce ya kai gobe. Komawarka gida ka kulle ƙofa ba zai tsayar da motar ba, sai ka kira shi. Hanya ɗaya ta tsayar da shi ita ce ka shiga da data a kunne ka cire shi daga layi. Abin da bai fi minti ɗaya ba, da na sani da asubar nan.

Na kunna waya hannuna na rawa, na goge bidiyon daga Facebook, na ɗauka an gama. Ashe da sauran rina a kaba. Lokacin da na tsara shi, na zaɓi shafina na Facebook da na Instagram tare, don haka fostin biyu ne suka fita, kowanne zaman kansa yake. Na Instagram ya ci gaba da kiɗansa har la'asar, sai da yaron shagona ya kira ni.

Sai na uku, wanda ya fi ƙona mini rai. Tun ranar Litinin na biya kuɗi na yi Boost na wani fostin na kwana bakwai, kuma na zaɓi a nuna wa mutanen da ke kusa da shagon. Ma'ana, da kuɗina nake tura talla cikin wayoyin mutanen da ke zaman makoki. Talla da aka biya tana da makunninta daban. Sai da na shiga Ads Manager na kashe ɗan maɓallin da ke gefen sunanta sannan ta tsaya. Kashewar dakatarwa ce kawai, kana iya sake kunna ta daga baya.

Da dare na rubuta layi uku a shafin: ta'aziyya, da bayanin cewa tun Lahadi na tsara fostin ɗin kuma sakacina ne ban cire ba, da neman afuwa. Ban sa hoton kaya ba, ban tsaya jayayya da kowa a kwament ba. Amma na san wannan bai isa ba. Washegari na tsallaka na durƙusa gaban maƙwabcina, na ce, "Baba, a yafe mini, wallahi ban yi da gangan ba." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Na gan ka a maƙabarta, har ƙasa ka zuba. Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Shi ya gan ni. Amma mata da ke cikin gida da dangin da suka zo daga nesa bidiyon kawai suka gani, kuma akwai kwastomomin da har yau ban sake ganin ƙafarsu ba.

Yanzu duk safiya, kafin in buɗe shago, sai na buɗe Planner na ga abin da zai fita a ranar. Idan an yi rasuwa ko gobara, nan take nake shiga Content, in taɓa Scheduled, in buɗe ɗigo ukun da ke jikin fostin ɗin, in mayar da shi cikin Drafts ko in ɗaga ranarsa. Ba sai an goge ba, aikinka yana nan. Wurin maɓallan kan ɗan sauya idan an sabunta manhajar, amma waɗannan sunayen za ka nema. Daga nan in duba Instagram, in duba tallar da na biya.

Na kuma ba ƙanwata damar kula da fostin a shafin, ta Page access, ba tare da na miƙa mata cikakken iko ko fasuwodina ba. Ranar da hankalina ya tashi, akwai wanda zai iya tsayarwa. Sannan na daina sa "yau ranar murna ce" a duk abin da zan tsara. Ina rubuta sunan kaya da farashi. Kalmar "yau" sai a fostin ɗin da na rubuta da hannuna a ranar, bayan na ga yadda gari ya waye.

Allah ya jiƙan yaran nan, ya ba iyayensu haƙuri.