Kujera mai filin ƙafa a jirgin dare: a biya ko a karɓi ta kyauta?

1/ Masu shirin tafiya karatu ko rakiyar mara lafiya Indiya suna yawan tambayata: in ka sayi tikiti sai shafin ya nuno maka Extra legroom da kuɗi a gefe, a biya ko a bar su su ba ka kujerar da ta samu? Amsata: ka fara auna ƙafarka, sannan ka duba wa kake tafe da shi. Bari in warware muku. 🧵

2/ Ni ɗan wani ƙauye ne a yankin Dambatta, ina digirin farko a Indiya. Hanyata Kano zuwa Addis Ababa, daga nan Delhi. Zangon farko wajen awa 5 ne. Na biyun shi ne mai wuyar, awa 6 da wani abu, cikin dare, kana son barci gwiwa ta ƙi yarda.

3/ A tafiyata ta ƙarshe, kujerar mai fili dala 45 aka nuna min a zangon dare kaɗai. A canjin lokacin ta kusa naira dubu 70. A lura, kuɗin na zango ɗaya ne, ba na tikiti duka ba. In kana so daga Kano har Delhi, sau biyu za ka biya.

4/ Wani zai ce ai ba yawa in aka kwatanta da kuɗin tikiti. To, a gidanmu ba haka ake lissafi ba. Guzurina daga rumbu yake fitowa. A lokacin, dubu 70 buhun gero ne da ɗoriya da Baba zai kai kasuwar Dambatta ran Lahadi. Dole in san me nake saye da shi.

5/ Ga abin da ake sayarwa. A yawancin manyan jirage, tazarar kujera da ta gabanta a ɓangaren talakawa inci 31 zuwa 32 ce, wato santimita 79 zuwa 81. Amma ba duka ne naka ba, don awon ya haɗa da kaurin jinginar kujerar. Cire wajen santimita 10, abin da ya rage maka kamar 70 ne.

6/ Yanzu auna kanka. Zauna a benci, ka manna bayanka da bango, wani ya sa tef ɗin tela daga bangon zuwa ƙarshen gwiwarka. Ni tsayina santimita 188, awon ya ba ni 65. Kenan saura 5 tsakanina da kujerar gaba. Da na gaba ya kwantar da tasa, shi kenan, mun haɗu.

7/ Abokina da muke aji ɗaya nasa 57 ne. Yana da rarar santimita 13, har ya miƙe ƙafa ƙarƙashin kujerar gaba ya yi minshari. Irinsa in ya biya, wallahi sadaka ya yi wa kamfani.

8/ Kuma filin ba iri ɗaya ba ne. Akwai Exit row, layin ƙofar gaggawa. Nan ne fili na gaske, amma da sharaɗi: sai mai shekara 15 ko 16 zuwa sama, gwargwadon kamfani, mai ƙarfin buɗe ƙofa, mai jin yaren da ma'aikata ke ba da umarni, ba mai goyo ba. In suka ga ba ka cika ba za su tashe ka, ko da ka biya.

9/ Sai layin da ke fuskantar bango. Gwiwa na sakewa, ba mai kwanto maka kujera, amma ba inda za ka zura tafin ƙafa. Hannun kujerar ba ya ɗagawa don teburin cin abinci a ciki yake. Nan kuma ake maƙala gadon jarirai. Ka biya don barci, ka kwana kana jin kuka.

10/ A wannan tafiyar tare nake da Kawuna, za a duba masa gwiwar hagu a asibiti a Delhi. Bai taɓa hawa jirgi ba, ba ya jin Turanci. Da ya ji akwai kujera mai fili sai ya ce, "Ɗan nan, in don kuɗi ne a sayar da tunkiya, ƙafar nan ba ta lanƙwasuwa." Na ce, "Kawu, ko shanu aka sayar ba za su bar ka a bakin ƙofar ba."

11/ Kun ga inda gizo ke saƙar. Wanda ya fi kowa buƙatar filin, doka ta hana shi. Ni da doka ta yarje wa, in na biya na bar dattijo can baya shi kaɗai, ba mai faɗa masa me ke cikin abinci, ba mai nuna masa yadda ake buɗe ƙofar bayi.

12/ Sai muka bi ta kyauta, amma ba mu bar ta ga sa'a ba. Ana buɗe check-in ta intanet kwana ɗaya zuwa biyu kafin tashi, ya danganta da kamfani. A tikitinmu zaɓen kujera ta gama-gari kyauta ne a lokacin. A ƙauyenmu sabis sai a hankali, don haka na hau babur zuwa cikin Dambatta na jira mintin da aka buɗe.

13/ Jirgin jerinsa uku-uku-uku ne. Na ɗaukar wa Kawu ta bakin hanya a rukunin tsakiya, wadda hanya ke hagunsa, ni kuma na zauna kusa da shi. Dalili: a rukunin taga mutum biyu ne za su tashe ka in za su fita. A na tsakiya mutum ɗaya ne, kuma ni ne mutumin.

14/ Na kauce wa layin ƙarshe da layin da ke gaban ƙofar gaggawa, don sau da yawa kujerunsu ba sa kwanciya sosai. Jakunkunanmu duk sama muka sa, ƙarƙashin kujera ya zama na ƙafa. Kawu na miƙe ta hagun a hanya, in keken abinci ya taho in taɓa shi ya janye.

15/ Maganar lafiya kuma, kar a tsorata ku da ita don ku biya. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa yana ninkawa bayan zaman awa 4, duk da haka bai wuce kamar mutum 1 cikin 6,000 ba. Rashin motsi ne matsalar. Maganinsa tashi, taku, shan ruwa. Bakin hanya ya fi sauƙaƙa wannan. Mai ciwo dai ya ji ta bakin likitansa kafin tafiya.

16/ Ni fa? Gwiwata ta kwana manne da kujerar gaba, barcina bai kai awa 2 ba. Kawu ya tashi sau uku ya taka, ya yi sallar asuba a zaune, ya sauka ƙafar ba ta kumbura ba. Dubu 70 ɗin ta biya mana mota da abincin kwanakin farko.

17/ Hukuncina: in awonka ya haura santimita 63, kai kaɗai ne, kuma da safe za ka wuce aji ko rajista, biya na zangon dare kawai, ka tabbata Exit row ce. In bai kai ba, ko kana tare da dattijo ko mai goyo, riƙe kuɗinka ka kama bakin hanya da wuri. Dogayen gida, ku auna ku ajiye min lambarku a ƙasa mu ga wa ya fi ni shan wuya.