Alƙaluma Biyu a Shafi Guda

An ɗora wa wata ɗaliba nauyin taƙaita doguwar maƙala mai bitar binciken da aka yi kan bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, ta mayar da ita shafi guda domin ƴan ajinsu. Zubar da jadawali da jerin sunayen magunguna bai ba ta wuya ba. Gizo ya yi saƙarsa ne a kan alƙaluma biyu da maƙalar ta ɗauko daga mujallar Lancet ta 2022: a shekarar 2019, bijirewar ta kashe mutum miliyan 1 da dubu 270 kai tsaye, mutum miliyan 4 da dubu 950 kuma mutuwarsu tana da alaƙa da ita.

Don tsimin wuri, ta rubuta cewa bijirewar ta kashe kusan miliyan 5. Jimlar ta yi daɗin kunne, amma ta sa wa masu binciken magana a baki. Sai da ta koma bayanin yadda aka yi ƙidayar, wanda ta tsallake da farko, sannan ta gane. Ƙaramin adadin yana nufin waɗanda da sun rayu in da magani yana cin ƙwayar da ta kama su. Babban kuwa, waɗanda da sun rayu in da ƙwayar ba ta kama su ba sam.

Ta mayar da alƙaluman biyu, kowanne da aikatau ɗinsa. Gyaran ya ci layi huɗu, dole ta sadaukar da sakin layin da ya yi magana kan maganin dabbobi, alhali shi ta fi so.